Daga wace rana ake fara ƙirga? Yadda ake karanta wa'adi da rangwamen da ke jikin takardar kuɗin kaya

Idan takardar kuɗin kaya ta shigo hannun ɗan kasuwa, wuri ɗaya idonsa ke fara sauka, wato jimillar da ke can ƙasa, wadda aka ja wa layi biyu. Ya dube ta, ya girgiza kai ko ya yi hamdala, ya ninke takardar ya jefa a durowa. Ɗan guntun rubutun da ke gefen jimillar, ko a sama kusa da kwanan wata, ba kowa ke kula shi ba. Ga shi da ƙananan baƙaƙe, ga shi kamar lambar mota: `2/10, net 30`. Wani ya ɗauka kwanan wata ne, biyu ga watan goma. Wani ya ɗauka lambar rumbun ajiyar kamfanin ce. Alhali wannan ɗan layin shi ne ke faɗin ranar da bashin zai cika, shi ne kuma ke faɗin nawa za a rage wa mutum idan ya riga ranar biya.

Ba laifin ɗan kasuwarmu ba ne. A Kwari ko Singa, bashin kaya da baki ake ƙulla shi. "Ɗauki ka je ka sayar, bayan Sallah ka kawo." Amana ce da sanayya, kuma wa'adin yana da ɗan sassauci, kamar igiyar wando. Rubuta wa'adi da lambobi irin wannan al'adar kamfanonin Turai da Amurka ce, musamman Amurka, inda ake koyar da ita a darasin lissafin kasuwanci. Mu kan haɗu da ita ne idan muka fara sari kai tsaye daga kamfani, ko muka yi odar kaya daga waje, ko ɗanmu ya samu aikin akanta a wata ma'aikata. A can wa'adi ba ya miƙewa. Kwamfuta ce ke riƙe da shi, ita kuwa ba ta san ka yi rashin lafiya ko ka je ta'aziyya ba.

Takardar da muke magana a kai ba rasit ba ce. Rasit shaidar an biya ne. Wannan kuwa, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois, mutanen Nijar su ce faktir, takardar neman biya ce: ga kayan da muka ba ka, ga kuɗinsu, ga lokacin da muke jiran su.

Lambobi uku ne a layin, kowace da aikinta. Ta farko, 2, ita ce rangwamen: kashi 2 cikin ɗari. Ta biyu, 10, kwanakin da rangwamen zai yi yana jiran ka. Ta uku, 30, wa'adin bashin gaba ɗaya. Da Hausa layin yana cewa: in ka biya cikin kwana goma, cire kashi biyu cikin ɗari, in ba ka yi haka ba, kawo kuɗin cif cikin kwana talatin. Wasu kan taƙaita shi su rubuta `2/10, n/30`, ma'anar ɗaya ce. Idan `net 30` kaɗai aka rubuta, babu rangwame ke nan, wa'adi ne kawai. Kwana talatin ɗin nan kuma ba bayan goman suke farawa ba. Tare suke tashi daga rana ɗaya, goman na cikin talatin ɗin. Na sha jin mai haɗa su ya ce yana da kwana arba'in.

Bari mu ɗauki takarda guda mu bi ta daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara wani mai shagon sari a Kano ya karɓi kwali 200 na sabulu daga wani kamfani, kowane kwali a kan Naira 12,500. Kuɗin kaya ya kama Naira 2,500,000. Kamfanin ya biya kuɗin mota a madadinsa, Naira 90,000, ya ɗora a takardar. Jimilla Naira 2,590,000. Kwanan watan takardar 22 ga Janairu, 2025, ranar Laraba. Sharaɗin biya shi ne wanda muka gani a sama. Da aka sauke kaya sai aka tarar kwali takwas sun jiƙe, aka mayar, kamfanin ya aiko da takardar rage kuɗinsu, Naira 100,000.

Tambayar farko: yaushe ƙofar rangwame za ta rufe? A nan ne harshenmu kan yi mana ƙafar ungulu, domin mu a ƙirgar yau da kullum mukan haɗa da ranar da abu ya faru. A lissafin takardar kuɗi ba a ƙirga ranar da aka rubuta ta. Washegari ce rana ta ɗaya. Saboda haka 23 ga Janairu ita ce ɗaya, 24 biyu, a haka har 31 ga wata, wadda ta zama ta tara. Rana ta goma ita ce 1 ga Fabrairu. Hanya mafi sauƙi, wadda ba ta buƙatar yatsu, ita ce a cire kwanan watan takardar daga adadin kwanakin watan: 31 a cire 22, saura 9. Kwana tara ke nan suka rage a Janairu. Ana neman goma, saura ɗaya, sai a shiga sabon wata da ɗayan nan.

Haka ake yi wa talatin ɗin. Tara sun tafi a Janairu, saura 21, don haka bashin zai cika ranar 21 ga Fabrairu, Juma'a. Wanda ya ce a ransa "kwana talatin ai wata guda ne" zai sa ido ga 22 ga Fabrairu, ya makara da yini ɗaya bai sani ba. Kwana talatin ba wata ba ne sai a watanni huɗu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba. Fabrairu kuwa ya fi kowa rikici. Takardar da aka rubuta 10 ga Fabrairun 2025 wa'adinta na kwana talatin 12 ga Maris ne, amma irinta ta 10 ga Fabrairun 2024 ta cika ne 11 ga Maris, saboda a shekarar watan ya yi kwana 29.

Sai wata matsala ta biyu da ke ɓoye a kalanda. Ranar 1 ga Fabrairun 2025 Asabar ce. Kwanakin da ake ƙirgawa a waɗannan sharuɗɗa kwanakin kalanda ne, har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, sai fa in takardar ta fito fili ta ce ranakun aiki. To idan ranar ƙarshe ta faɗo a hutu fa? Kamfanoni da yawa kan ɗaga wa mutum zuwa ranar aiki ta gaba, wato Litinin 3 ga wata. Amma wannan al'ada ce, ba kowa ke bin ta ba, kuma ni ban ga dalilin da mutum zai jingina dubban nairori a kan al'adar da bai ji daga bakin mai kaya ba. Juma'a 31 ga Janairu ita ce ranar da mai hankali zai rubuta a littafinsa.

Akwai kuma zancen me ake nufi da "ya biya". Mai saye yana ganin ya biya tun daga lokacin da ya danna waya ko ya sa hannu a caki. Mai sayarwa yana ganin an biya shi ne ranar da kuɗi suka zauna a asusunsa. A cikin gida, taransifa tsakanin bankuna kan shiga nan take idan sabis bai yi gardama ba, don haka tazarar ba ta da yawa. Caki kuwa sai an wanke shi, kuɗin da aka tura ƙasar waje su ma sukan kwana a hanya. Wanda zai biya kamfanin waje a rana ta goma cif ya riga ya makara.

Tambaya ta biyu: nawa za a cire? Hannu yakan yi saurin ɗaukar kalkuleta ya buga kashi biyu na jimillar da ke ƙasa, Naira 2,590,000, ya samu Naira 51,800. Kuskure ne, kuma ta fuska biyu. Na farko, kwalaye takwas ɗin da aka mayar sun fita daga ciniki, ba a yi maka rangwame a kan abin da ba ka saya ba. Na biyu, kuɗin mota ba kayan kamfanin ba ne. Kuɗi ne da ya fitar daga aljihunsa ya ba mai mota a madadinka, kuma bisa ƙa'idar da aka saba ba a taɓa su da rangwame. Abin da ake yi wa ragi shi ne tsabar kuɗin kayan da suka zauna a hannunka: 2,500,000 a cire 100,000, saura Naira 2,400,000. Kashi biyu cikin ɗari na wannan Naira 48,000 ne. Kuɗin kaya bayan ragi sun zama Naira 2,352,000, sai a mayar da kuɗin mota 90,000 a kai yadda suke. Abin da mai shagonmu zai tura kafin ƙofa ta rufe shi ne Naira 2,442,000. Idan ya bari ta rufe, Naira 2,490,000 ne.

Bambancin lissafin daidai da na kuskure Naira 3,800 ne kacal, wani zai ce bai kai a ɗaga murya ba. Illarsa ba a yawansa take ba. Idan ka tura kuɗi da giɓin 3,800, akantan kamfanin zai ga takardar ba ta cika ba, ta ci gaba da zama a jerin basussuka. In aka yi rashin sa'a da mai tsauri, sai ya ce tunda ba a biya duka cikin kwana goma ba, rangwamen ma ya faɗi. Ka ga an bi 3,800 an rasa 48,000. Alamar da mutum zai gane haka ta faru ita ce ya ga wani ɗan ciko maras kai yana ta bin sa a takardar bayanin asusu da kamfani ke aikowa duk wata.

Na ajiye harajin kaya a gefe da gangan don kada lambobin su cakuɗe. A Najeriya harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, kuma yadda ake daidaita shi idan an yi rangwame ya danganta da dokar kowace ƙasa. A Birtaniya, misali, tun 1 ga Afrilu, 2015, ana lissafa shi ne a kan abin da mai saye ya biya a zahiri. Idan takardarka na ɗauke da haraji, ka nemi kamfanin ya rubuto maka adadin da yake jira idan an biya da wuri, lamba a rubuce.

Yanzu mu ce mai shagon nan ba shi da miliyan biyu da ɗoriya a ƙarshen Janairu, abin da ya tara Naira 980,000 ne. Wasu kamfanonin kan yarda a biya wani ɓangare cikin kwanakin rangwame, su yi ragi a kan wannan ɓangaren. Wasu ba sa yarda, don haka tambaya ake yi kafin a tura. Idan sun yarda, nawa za a goge masa daga bashi? A nan ma akwai hanyar da ta yi kama da daidai amma ba ita ba ce, wato a ɗauki kashi biyu na 980,000 a ƙara a kai, a samu 999,600. Ka tuna yadda rangwamen yake: duk Naira 98 da ka biya tana kashe bashin Naira 100. Don haka raba kuɗin ake yi da 0.98, ba ƙari ake yi musu ba. Naira 980,000 a raba da 0.98 ta ba da Naira 1,000,000 daidai. Miliyan guda ta fita daga bashin kaya, saura Naira 1,400,000, da kuɗin mota 90,000, jimilla Naira 1,490,000, wadda za a biya ba ragi zuwa 21 ga Fabrairu.

Mu zo ga abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai. Kashi biyu cikin ɗari ba ya cika ido. Mutumin da ya saba taya kaya a rage masa kashi goma a tsaye zai ji kunyar ya yi gaggawa saboda kashi biyu. Amma a dubi me ake saya da shi. Idan mai shagonmu ya ƙi biya ranar goma ya bari sai ranar talatin, abin da ya samu shi ne ya riƙe Naira 2,352,000 na ƙarin kwana ashirin. Abin da ya biya a kan wannan riƙon Naira 48,000 ne. Wato kashi 2.04 cikin ɗari a kwana ashirin kawai. A shekara akwai irin waɗannan kwana ashirin sau 18.25. Idan aka ninka, ana maganar kusan kashi 37 cikin ɗari a shekara. Ga yadda ake rubuta lissafin, inda `d` ke nufin rangwamen, `r` kwanakin rangwame, `w` kuma wa'adin gaba ɗaya:

```
d / (100 - d) × 365 / (w - r)
2 / 98 × 365 / 20 = 0.372
```

Ɗan kasuwar da ke karɓar kaya duk wata daga wannan kamfani, yana barin rangwamen yana wucewa alhali kuɗin na kwance a banki ba sa komai, yana zubar da Naira 48,000 sau goma sha biyu, wato Naira 576,000 a shekara. Kuɗin hayar wani shagon ke nan.

Sai dai ba zan ce kowa ya ruga ya biya ba, domin lissafin yana da ɗaya gefen. Idan kuɗin nan ba kwance suke ba, juya su ake yi, to sai a auna. A ce cikin kwana ashirin ɗin mai shagon zai iya sa Naira 2,352,000 a wani kaya mai gudu, ya fitar da ribar kashi uku cikin ɗari bayan ya cire ɗawainiya. Naira 70,560 ke nan, ta fi 48,000. A irin wannan hali barin rangwamen ba wauta ba ce. Sharaɗin shi ne ribar ta zama tabbatacciya kuma kuɗin su dawo kafin 21 ga Fabrairu, ba irin ribar da ake lissafawa a baki kaya na jibge a sito ba. Kuma ba kowane rangwame ne ke da nauyi ɗaya ba. `1/10, net 30` ya kama kusan kashi 18 cikin ɗari a shekara, `2/10, net 60` kusan kashi 15, saboda a na biyun kwana hamsin ake saya da kashi biyun, ba ashirin ba. Iya nisan wa'adi, iya raguwar darajar rangwamen.

Mafi munin zaɓi shi ne na tsakiya. Wanda ya biya a rana ta goma sha biyu ya rasa Naira 48,000, abin da ya samu a madadinsu riƙon kwana biyu ne kawai. Idan ƙofa ta riga ta rufe, babu wata riba a gaggawa, sai dai don kyautata hulɗa. Ranakun biya masu ma'ana biyu ne a wannan takarda, ta goma da ta talatin.

Shi kamfanin me ya sa yake yarda ya yi asarar kashi biyu? Saboda shi ma yana da masu bin sa, ga albashi, ga kayan aiki da zai sayo. Kuɗin da suka shigo yau sun fi masa waɗanda zai yi ta aike a kansu, kuma bashin da aka biya da wuri ba ya zama bashin da aka cinye.

Duk abin da muka lissafa zuwa yanzu ya tsaya ne a kan cewa daga kwanan watan takardar ake fara ƙirga. Haruffa uku a ƙarshen layin suna iya tayar da wannan tushe gaba ɗaya, kuma a nan ne aka fi yin ɓatan kai.

Idan aka rubuta `2/10, n/30 EOM`, haruffan na nufin ƙarshen wata. Agogo ba ya tashi sai watan da aka rubuta takardar ya ƙare. Takardarmu ta 22 ga Janairu sai ta zama kamar an rubuta ta 31 ga wata. Rangwame yana nan har 10 ga Fabrairu, wa'adin talatin kuma ya kai 2 ga Maris, tunda Fabrairun 2025 kwana 28 ne, sai a ɗebo biyu daga Maris. Kwana tara aka ƙara wa mai saye ba tare da an canja ko lamba ɗaya ba. Amfanin wannan tsari ga wanda ke karɓar kaya sau da yawa a wata shi ne duk takardun watan su cika rana ɗaya, ya biya su a dunƙule. Littattafan lissafin kasuwanci na Amurka suna ƙara wata al'ada a kai: takardar da aka rubuta daga 26 ga wata zuwa sama ana tura ta wata na gaba, don kada wanda ya sayi kaya a ƙarshen wata ya cutu. A bisa wannan, takardar 27 ga Janairu rangwamenta zai kai 10 ga Maris. Al'adar wuri ce, ba doka ba, kada ka ɗauka kamfanin da ke Legas ko Dubai yana aiki da ita sai ya faɗa maka.

Idan kuwa `ROG` aka rubuta, ana fara ƙirga ne daga ranar da kaya suka iso hannunka. Wannan shi ya fi dacewa da mai odar kaya daga nesa, wanda takarda kan riga kayansa isowa da makonni. A ce sabulun nan ya iso Kano 4 ga Fabrairu. Rangwame zai kai 14 ga Fabrairu, wa'adin talatin kuma 6 ga Maris: kwana 24 da suka rage a Fabrairu, da shida a Maris. A nan takardar da direba ke kawowa a sa masa hannu ta zama ita ce shaida. Yaron shago ya sa hannu bai rubuta kwanan wata ba, ko ya rubuta na jiya, shi ke nan an buɗe ƙofar musu. Wanda ke karɓar kaya a kan wannan sharaɗi ya koya wa yaransa rubuta rana a gefen sa hannu.

Masu hulɗa da kamfanonin da ke rubutu da Faransanci za su ci karo da `45 jours fin de mois`, wato kwana arba'in da biyar, ƙarshen wata. A Faransa, dokar da aka yi a 2008 ta ƙayyade wa'adin biya tsakanin kamfanoni, kada ya wuce kwana 60 daga ranar takarda, ko wannan kwana 45 ɗin na ƙarshen wata. Abin mamaki, hanya biyu ake lissafa shi kuma duka ana aiki da su. Ta farko, a ƙirga 45 daga ranar takarda sannan a tafi ƙarshen watan da aka faɗa ciki: daga 22 ga Janairu an sauka a 8 ga Maris, sai a wuce zuwa 31 ga Maris. Ta biyu, a fara zuwa ƙarshen watan takardar sannan a ƙirga 45: daga 31 ga Janairu an sauka a 17 ga Maris. Kalmomi iri ɗaya, tazarar mako biyu. Maganin wannan ɗaya ne, a sa mai kaya ya rubuta ranar da kanta, da sunan wata.

Zancen sunan wata ya tuna mini da tarkon da ya fi ba ni dariya, in dai ba ni ya kama ba. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. Takardar da ta zo daga can ɗauke da `03/04/2025` tana nufin 4 ga Maris. Mu kuwa, da Birtaniya da Faransa, za mu karanta 3 ga Afrilu. Yanzu a ƙirga kwana talatin daga 4 ga Maris: 27 sun rage a Maris, sai uku a Afrilu. Wa'adin ya cika 3 ga Afrilu. Wato ranar da ɗan kasuwarmu ke zaton yau aka fara ƙirga masa, ita ce ranar da bashinsa ya cika, rangwame kuwa ya wuce tun 14 ga Maris. Yadda ake ganewa shi ne a duba wata takardar daga kamfanin wadda ɗaya daga lambobinta ta haura 12. Duk gurbin da aka ga 13 ko sama, nan ne gurbin rana.

Wanda ke ajiye lissafinsa a Excel ba ya buƙatar ƙirga da hannu. Idan kwanan watan takardar na cikin gidan `A2`, waɗannan layuka uku za su ba shi ranar rufe rangwame, da ranar cikar wa'adi, da ranar rufe rangwame a tsarin ƙarshen wata:

```
=A2+10
=A2+30
=EOMONTH(A2,0)+10
```

Manhajar ta san Fabrairu mai 28 da mai 29. Abin da ba ta sani ba shi ne ko ka shigar da rana a gurbin wata, don haka a sa ta nuna sunan watan a rubuce.

Ba zan rufe ba tare da taɓa abin da na san yana ran masu karatu da yawa ba, wato hukuncin wannan ragi a shari'a. Mas'alar rage bashi don a biya kafin lokacinsa tsohuwa ce a littattafan fiƙihu, kuma malamai sun saɓa a kanta. Mafi yawansu, har da Malikiyya, ba su halatta ta ba. An ruwaito halaccinta daga Ibn Abbas, kuma Ibn Taimiyya da Ibn Ƙayyim sun zaɓi wannan ra'ayi. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta ragin idan tsakanin mai bashi da wanda ake bi ne kawai, kuma ba a yi yarjejeniyarsa tun farko ba. Rangwamen da aka buga a jikin takarda kuwa tun farko aka ambace shi. Don haka wanda abin ya shafa ya ɗauki takardar kanta, ba labarinta ba, ya kai wa malamin da ya san mu'amalar kasuwanci, domin yadda aka ƙulla cinikin yana da tasiri a hukunci. Haka ma tarar jinkiri da wasu kamfanoni ke bugawa a ƙasan layin, wadda a Birtaniya doka ce ta 1998 ta ba mai kaya damar ɗora ta.

Ga mai shagonmu dai, ranar da takardar ta iso, abu huɗu ya kamata ya rubuta da biro a samanta kafin ta shiga durowa: Juma'a 31 ga Janairu, Naira 2,442,000, Juma'a 21 ga Fabrairu, Naira 2,490,000. Kai ma ɗauko ta ƙarshe da aka aiko maka, ka duba ko akwai haruffa uku a bayan lambobin.